Shafi Shida a Takarda Ɗaya: Yadda Ɗan Haya Zai Tsamo Abin da Ya Shafe Shi Daga Yarjejeniya

Ƙanina malamin makaranta ne. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ya sha yawo kafin ya samu gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa. Ranar wata Asabar ya zo mini da takardar yarjejeniyar haya a cikin farin ambulan, shafi shida, an buga da ƙananan haruffa cikin Turancin lauyoyi. Ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "Yaya, ejan ya ce in sa hannu in mayar masa ranar Litinin. Na karanta sau biyu, ban riƙe komai ba."

Na tambaye shi ranar da hayar za ta ƙare, sai ya ce ai shekara ɗaya ce. Na ce daga yaushe? Ya yi shiru. Na ce idan silin ya fara yoyo da damina, wa zai gyara? Ya ce yana jin mai gida ne. Mutumin da ya riga ya tura naira dubu ɗari biyu na kafin alƙalami ke nan, kuma yana shirin tura kusan miliyan guda a kai.

Mai hankali ne, kuma yana jin Turanci sarai. Matsalar ita ce ya karanta takardar kamar labari, daga layin farko zuwa na ƙarshe, alhali irin wannan takarda da tambaya ake shigarta. Sai na ɗauko farar takarda guda, na raba ta gida huɗu da biro, na rubuta a kan kowane gida: su wa, yaushe, nawa, wa zai yi me. Na ce masa duk abin da muka tsamo za mu rubuta shi da Hausa, mu sa lambar shafi da ta sakin layi a gefensa. Inda kuma takardar ta yi shiru, za mu rubuta "ba a faɗa ba", domin wannan shirun shi ne abin da zai koma da shi wurin ejan kafin ya sa hannu.

Yana da kyau mutum ya san cewa yawancin takardun haya a Najeriya tsarinsu ɗaya ne. Sakin layi na farko yana ɗauke da ranar rubuta takarda da sunayen masu yarjejeniya. Daga nan sai bayanin gida, da tsawon haya, da kuɗi. Sai jerin alƙawuran ɗan haya, wanda kusan kullum shi ya fi tsawo, sai na mai gida, wanda yakan zama layi uku ko huɗu. Bayan su akwai wani sashe na sharuɗɗan da suka hau kan kowa, inda ake ɓoye maganar notis da sabunta haya. A ƙarshe sai wurin sa hannu da shaidu. Wanda ya san wannan tsari ya san inda zai kai yatsa.

Su wa suka ƙulla

Suna uku ake gwadawa da juna: sunan da aka rubuta a matsayin mai gida a shafin farko, da sunan wanda ya sa hannu a shafin ƙarshe, da sunan da ke kan asusun bankin da aka ce a tura kuɗi. Idan ukun sun zama mutum ɗaya, an huta. A takardar ƙanina kuwa mutum uku ne daban-daban. Shafin farko sunan wani dattijo, wurin sa hannu ɗansa ne zai sa a madadinsa, asusun kuma na ejan ne.

Wannan ba lalle ya zama alamar cuta ba, domin masu gidaje da yawa sukan wakilta ɗa ko lauya ko kiyateka. Abin da ɗan haya yake bukata shi ne shaidar wakilcin a rubuce, wato takarda daga mai gida da ta ce wane yana da ikon ba da haya da karɓar kuɗi da sunana. Idan babu ita, ran da mai gida da wakilinsa suka saɓa, ɗan haya ne zai tsaya a tsakiya riƙe da rasit ɗin da mai gida zai iya cewa bai san da shi ba. An fi ganin haka a gidan gado. Idan mai gidan ya rasu, a tambaya wa magada ko kotu suka ɗora wa kula da gidan, a ga takardar da ido. Ɗaya daga cikin magada zai iya karɓar kuɗin shekara, bayan wata biyu a zo rabon gado, gidan ya faɗa rabon wani.

A gidan farko na takardarmu mun rubuta cikakken sunan mai gida da adireshinsa, domin can za a kai duk wata wasiƙa. Mun duba sunan ƙanina, ya dace da na katin shaidarsa. Mun kuma duba bayanin gidan. An rubuta lambar fuloti da sunan layi, amma ba a ce wane sashe ba ne cikin huɗun da ke harabar, ba a kuma ambaci ɗan sito na baya da ejan ya nuna masa ya ce nasa ne ba. Muka rubuta "ba a faɗa ba" a wuri biyu.

Ranakun da suke yanke hukunci

Nan ne ya kamata mutum ya zauna da kyau, domin a nan ake yawan asara. Takardar haya takan ɗauki ranaku da dama, kuma ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. Ranar da ke saman shafin farko ranar rubuta takarda ce kawai. Ranar da agogo yake fara bugawa ita ce ranar fara haya, wadda take cikin sakin layin da ya faɗi tsawon zama. Daga ita ake lissafin shekara, ko ka tare ko ba ka tare ba.

A takardar ƙanina an rubuta cewa haya za ta fara 1 ga Fabrairu, ta ƙare 31 ga Janairu na shekara mai zuwa. Amma ejan ya gaya masa da baki cewa ba zai samu makulli ba sai 20 ga Fabrairu, saboda ana fenti da gyaran famfo. Kwana 19 ke nan da zai biya bai kwana a gidan ba. Muka raba kuɗin haya, naira 900,000, gida 365, muka ga kowace rana ta tashi kusan naira 2,466. Kwana 19 sun kama kusan naira 47,000. Da ya ga adadin a rubuce sai ya gyara zama. Maganin mai sauƙi ne: a mayar da ranar farawa ta zama ranar miƙa makulli, ranar ƙarewa kuma ta matsa daidai da haka.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma 'yan haya kaɗan ne suke yin ta: wace irin haya ce wannan? Akwai haya mai ƙayyadadden wa'adi, wadda aka rubuta mata ranar farawa da ranar ƙarewa, ta mutu da kanta idan ranar ta zo. Akwai kuma hayar shekara-shekara, wadda take ci gaba da juyawa har sai ɗaya ya ba ɗaya notis. A idon ɗan haya duka biyun kuɗin shekara ake biya, amma a gaban kotu bambancinsu babba ne.

Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi tsawon notis idan masu yarjejeniya ba su rubuta nasu ba. Mai biyan mako-mako notis ɗinsa mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, ɗan hayar shekara-shekara kuma rabin shekara. Dokar haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011 ita ma wata shida ta ba ɗan hayar shekara. Daga nan ne maganar nan ta bazu a bakin mutane cewa "ai dole a ba ni wata shida". Amma wata shidan yana da sharaɗi biyu. Na farko, sai idan hayar ta shekara-shekara ce. Wanda hayarsa mai ƙayyadadden wa'adi ce, da zarar ranar ƙarewa ta wuce, ba a bin sa da notis na tashi, sai dai takardar kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Na biyu, sai idan takardar yarjejeniya ta yi shiru. Idan ka sa hannu a kan notis na wata ɗaya, to wata ɗayan ne naka, domin kotu abin da kuka rubuta take fara dubawa.

Ta ƙanina mai ƙayyadadden wa'adi ce, shekara ɗaya cif. A shafi na biyar kuma muka tarar da sakin layin sabuntawa: idan yana son ƙarin shekara, sai ya sanar da mai gida a rubuce aƙalla wata uku kafin ranar ƙarewa. Ba a rubuta ranar ba, sai mutum ya ƙirga da kansa. Daga 31 ga Janairu ka ja baya wata uku, ka sauka a 31 ga Oktoba. Wannan rana ba ta bayyana ko'ina a cikin shafi shidan, amma ita ce ta fi kowace muhimmanci a gare shi, domin idan ta wuce bai rubuta ba, mai gida yana da damar ba wani gidan. Na ce masa ya sa tunatarwa a wayarsa tun tsakiyar Oktoba, ya kai wasiƙar kwafi biyu, a sa masa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ya riƙe. Idan kuma an gyara ranar farawa, sai a sake wannan lissafi daga sabuwar ranar ƙarewa.

Ko da wa'adi ya cika, doka ba ta ba mai gida damar cire ƙofa, ko kwaye rufi, ko watsar da kayan mutum waje ba. Kotu ce take ba da umarnin fitarwa. Sai dai wanda ya ci gaba da zama bayan wa'adinsa kada ya ɗauka zaman kyauta yake yi, domin kotu takan sa ya biya kuɗin duk kwanakin da ya ƙara. Kuma kowace jiha tana da dokarta, saboda haka mazaunin Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya tambayi lauya abin da dokar jiharsa ta ce kafin ya dogara da lissafin Abuja.

Nawa ne, kuma wanne ne zai dawo

Ejan ya ba ƙanina jimla guda, naira 1,190,000. Jimla irin wannan ba ta gaya wa mutum komai sai an warware ta. Muka raba ta kashi uku. Kashi na farko abin da zai maimaita kowace shekara: haya 900,000 da kuɗin hidimar haraba 60,000, na mai gadi da famfon bohol da kwasar shara. Kashi na biyu abin da ake biya sau ɗaya a tafi: ladan ejan 90,000 da na lauyan da ya rubuta takarda 90,000, kowanne kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya. Kashi na uku abin da ya kamata ya dawo: kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake kira koshin, naira 50,000.

Da aka raba haka, abu uku suka fito fili. Na ɗaya, nauyin da zai ɗauka baɗi 960,000 ne idan ba a yi ƙari ba, don haka ya san abin da zai tara. Na biyu, takardar ta ambaci 900,000 kaɗai a matsayin abin da mai gida ya karɓa. Koshin bai fito ko sau ɗaya ba. Kuɗin da ba a rubuta an karɓa ba, da wuya a rubuta an mayar. Abin da ake so a gani shi ne adadinsa, da wanda yake riƙe da shi, da irin ɓarnar da za a cire a ciki, da kwana nawa bayan miƙa makulli za a dawo da saura. Na uku, sakin layin sabuntawa ya ce sabon kuɗin haya zai zama abin da mai gida ya ƙayyade. Alƙawarin sabuntawa da ba shi da farashi ko iyakar ƙari bai tsare ɗan haya daga komai ba. Gara a nemi a rubuta iyaka, ko aƙalla a rubuta cewa za a sanar da ƙarin a rubuce kafin ranar da ɗan haya zai ce yana so ko ba ya so.

Mazauna Legas su san cewa dokar 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta wa mai gida ya ba da rasit, ko da yake ta cire unguwanni irin su Ikoyi da Apapa daga hukuncinta. A ko'ina dai mutum yake, rasit mai amfani shi ne wanda ya faɗi sunan mai biya, da sunan mai karɓa, da gidan, da adadin kuɗi, da lokacin da kuɗin ya rufe, daga rana kaza zuwa rana kaza. Saƙon banki yana nuna an tura kuɗi, amma ba ya nuna na mene ne.

Wa zai yi me

Alƙawuran ɗan haya a takardar guda goma sha huɗu ne, na mai gida uku. Ba mu kwafe su duka ba. Sai na ce ya lissafo abubuwan da suke lalacewa a gida da gaske, mu nemi kowanne a takardar: rufi, sokawe, injin bohol, wayoyin wuta, fenti, bashin mita.

Al'adar irin wannan takarda ita ce mai gida ya ɗauki ginin kansa, wato rufi da bango da waje, ɗan haya ya ɗauki ƙananan gyare-gyaren ciki kamar kan famfo da makulli da gilashin taga. Abin dubawa shi ne ko an cire tsufa na yau da kullum daga wuyan ɗan haya. Fenti yakan dushe, marfin ƙofa yakan saki, ko da mutum ya fi kowa tsafta. Idan takarda ta ce a mayar da gida yadda aka same shi ba tare da wannan togaciya ba, za a iya cinye koshin a kan abin da shekara ce ta yi shi. Ta ƙanina tana da togaciyar, amma wani sakin layi ya ce dole ya yi wa gidan fenti idan zai tashi, sai muka rubuta wannan a matsayin kuɗin da ke jiransa a gaba. Kwasar sokawe an ɗora wa 'yan haya huɗu su raba. Injin bohol ba a faɗa ba.

Mita kuwa sai an je gabanta. Bashin tsohon ɗan haya yakan zauna a kan lambar mita, sabon shiga ya sayi wuta ya ga an zaftare masa wani abu. Na ce ya ɗauki lambar ya je ofishin kamfanin wuta ya tambaya ko akwai bashi, idan akwai a rubuta a takarda cewa ba nasa ba ne.

Sai abubuwan da aka hana. Kusan kowace takarda tana hana sanya wani a gidan ko ba da hayar wani ɗaki ba da izinin mai gida a rubuce ba, tana hana fasa bango ko canza gini, tana kuma cewa gidan na zama ne kawai. Ƙanina ya wuce wannan layi na ƙarshe bai tsaya ba, sai na tuna masa cewa matarsa tela ce, da keke biyu da 'yan koyo, kuma mata za su riƙa shigowa kawo ɗinki. A idon mai gida mai neman dalili, wannan sana'a ce a gidan zama. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Layi ɗaya da ya ce mai gida ya amince da ɗinki a cikin gida ya isa ya toshe wannan kafa.

Abin da ya koma da shi

Da muka gama, takardarmu tana da tambaya takwas: shaidar wakilci, lambar sashe da sito, ranar farawa, koshin, iyakar ƙarin haya, injin bohol, bashin mita, da ɗinki. Ya ce, "Yaya, kada su ga kamar na cika fitina su ba wani gidan." Na ce masa wanda ya zo da tambaya takwas a rubuce, cikin ladabi, kafin ya biya, ya fi sauƙin zama da wanda zai zo da rigima takwas bayan ya tare, kuma mai gidan kirki ya san haka.

An amince masa da shida. An ƙi sa iyakar ƙarin haya, injin bohol kuma aka ce 'yan haya ne za su raba. Ya karɓa a haka, yana sane da abin da ya karɓa. Ranar farawa ta koma 20 ga Fabrairu, ranar ƙarewa 19 ga Fabrairu na shekara mai zuwa, ranar wasiƙar sabuntawa kuma ta koma 19 ga Nuwamba. An sake buga shafukan da aka gyara. Da da biro aka yi gyaran, da sai kowane ɓangare ya sa hannu a gefen kowane gyara, a kan kwafi biyun duka. Ranar da ya karɓi makulli ya zagaya da kiyateka ɗaki-ɗaki yana ɗaukar hoto, har da tsagar tayil a bayi da lambar da mita take nunawa, ya tura wa ejan a ranar domin kwanan wata ya zauna.

Wannan hanya tana da iyaka. Tana nuna maka abin da takarda ta ce da abin da ta bari, amma ba za ta gaya maka ko wani sharaɗi zai tsaya a gaban kotu ba. Idan hayar ta wuce shekara uku, ko shago ne da za ka kashe kuɗi ka gyara, ko gidan gado ne da ake jayayya a kai, ko ka ga sakin layi biyu suna karo da juna, to a kai wa lauya, kuma ba wanda ya rubuta takardar ba, domin shi mai gida yake wa aiki ko da kai ka biya ladansa. Wanda ba shi da hali zai iya neman ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa ya tambaya. Ko a wurin lauyan, mai riƙe da shafi ɗaya da lambobin sakin layi a gefe ya fi saurin samun amsa.

Asalin yarjejeniyar tana cikin akwati tare da takardun makarantarsa. Farar takardar nan mai gida huɗu kuwa ya manna ta a bayan ƙofar ɗakin kwana, ya zagaye 19 ga Nuwamba da jan biro.